Na gyara ƙugiya, na bar kuɗi

 Yau kaina zan kai ƙara, don laifin nawa ne, kuma na san akwai irina da yawa a nan Matameye.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a lakwal ya san ciwon da nake nufi. Ko saƙon gaisuwa aka turo maka, idonka kuskure yake nema. Ni haka nake. Shi ya sa dangi suka ɗora mini aikin saka sanarwa a zaurenmu na WhatsApp, wai mushe ne, ya iya rubutu. Wanda ke da suna ko biki ko rasuwa sai ya turo mini, in gyara in saka.

Wani daren Laraba, wajen ƙarfe 11, ƙanena ya turo mini wannan. Na riga na kwanta, sai da asuba na gani:

"Slm yaya ykk y gd. Dan Allah ka sa a grup baki zasuzo gdn kawu dmn bayan laasar kowa ya kawo 500 abawa inna wlh lokaci ya kure ngd"

Maganar neman auren ɗiyar kawunmu ce, dangin mijin za su taso daga Daura, su ƙetaro ta Ɗan Barto. Na zauna na yi aikina. Na buɗe sallamar ta cika, na sa wa "baki" ƙugiya ta koma baƙi, na raba "zasuzo" gida uku, na mayar da "dmn" zuwa gobe tunda demain ce ta Faransanci aka taƙaita, na sa wa la'asar alamarta. Ga abin da ya fita da safiyar Alhamis:

"Assalamu alaikum. Baƙi za su zo gidan Kawu gobe bayan la'asar. Kowa ya kawo 500 a ba wa Inna. Lokaci ya ƙure."

Na dube shi na ji daɗi. Babu kuskuren rubutu ko ɗaya.

To jama'a, baƙi ranar Alhamis ɗin suka iso. Ƙanena daren Laraba ya rubuta, gobensa Alhamis ce. Ni na saka da safiyar Alhamis, sai gobe ta zama Juma'a ga duk wanda ya karanta. Mutane sun yi tafiya sun ƙetaro iyaka, suka tarar da Kawu da mutum huɗu a ƙofar gida. Sai da aka bi gida gida ana kiran dattawa, wani ma daga gona aka taso shi.

Sai kuma kuɗin. Kun san yadda muke lissafi a nan: da baki dala muke ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In ka ce ɗari biyar a kasuwa, 2.500 kake nufi, wato jika biyu da rabi. Amma in an ga 500 a rubuce, ɗan lakwal abin da ke jikin kuɗin yake gani, wato dala ɗari. Ƙanena lissafin kasuwa ya yi. Gida 20 ne, ya so a tara jika 50 don abinci da goro. Gida 6 suka fahimce shi suka kawo 2.500 kowanne. Gida 11 suka kawo 500. Ƴan'uwanmu 3 da ke zaune Kano da Daura suka aiko naira 500, wadda a canjin yanzu ko dala ɗarin ba ta kai ba. Abin da ya taru bai kai jika 22 ba. Kawu ya ciwo bashin sauran.

Da yamma ƙanena ya ce mini, "Yaya, ai na ɗauka shi ya sa ake ba ka, don ka duba." Ban sami abin cewa ba. Na duba kam, amma haruffa na duba.

Tun daga ranar na canza tambayar da nake yi wa saƙo. Da can ina tambaya ko an rubuta daidai. Yanzu ina tambaya: wanda ya karanta wannan, me zai tashi ya aikata, kuma shi ne abin da mai saƙon ke so? Wurin da mutum biyu za su karanta su aikata abu biyu daban, nan ne wurin gyara. Na lura kusan kullum wurare huɗu ne: rana da lokaci, kuɗi, wane ne ake nufi, sai kuma ko an ce a yi ko kar a yi.

Rana ba na barin ta da gobe ko jibi ko anjima, don saƙo yana kwana a waya, wani ma sai ya samu caji bayan kwana biyu. Sunan ranar nake sawa. Kuɗi kuwa sau biyu nake rubuta shi, da yadda muke faɗa da kuma lamba, in kuma akwai na Najeriya a ciki sai in ce sefa ce. Mutum kuma, a danginmu mata uku ake kira Inna, dole a ce ta wane gida. Da na yi haka tun farko, ga abin da zai fita:

"Baƙi daga Daura za su zo gidan Kawu yau Alhamis bayan la'asar. Kowane gida ya kawo jika biyu da rabi, wato 2.500 na sefa, a ba Inna ta gidan Kawu kafin azahar."

Ku lura, wannan gyaran ba ya yiwuwa daga kan tabarma. Sai ka kira mai saƙon ka tambaye shi: ɗari biyar ta dala ko ta takarda? Goben wace rana? Kira na minti ɗaya da ya hana Kawu cin bashi.

Su "slm" da "ykk" da "lfy" da "ngd" da "wlh" kuwa, na daina yaƙi da su. Ba wanda ya taɓa karanta "ngd" ya fahimci wani abu ban da na gode. Gaisuwa ce da godiya da rantsuwa, kalmomin da kowa ya san inda suke faɗowa, shi ya sa ko an zare wasulan ana gane su. Matsala tana farawa ne in an taƙaita kalmar da ke ɗauke da labarin. "dmn" ɗin nan, ɗan lakwal na nan demain zai gani, ɗan'uwansa na Kano da bai yi Faransanci ba zai iya karanta domin ko damina. Taƙaitawar da ba ta ƙetare Ɗan Barto, ita nake buɗewa.

Haka ma rubutun da Faransanci ya bar mana. Mutanenmu da yawa sun koyi haruffa da Faransanci, ba a taɓa koya musu rubuta Hausa ba, sai ka ga "koudi" ko "tchiki" ko "dan allah ka tourou". Yaran da ke kallon abubuwan Kano kuma su rubuto "xan xo" ko "qasa". Tun 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubuta Hausa a Nijar, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma a takarda ta makaranta ko sanarwar da za a liƙa a bango ita nake bi ba sassauci. Amma a hira tsakanin mutum biyu, wanda ya rubuta "tchiki" ya isar da saƙonsa. Ko a kan iyaka ba a daidaita ba: mu muna rubuta ƴaƴa, a Najeriya 'ya'ya, kuma kowa daidai yake a ƙasarsa. In dattijo ya rubuta "lahiya" ko "na tahi", wannan ma ba kuskure ba ne, bakinsa ne ya sa a rubuce. Ba na taɓa shi.

Ƙugiya ita ce ke son a yi mata hukunci ɗaya bayan ɗaya. "Baki za su zo" ba mai rikicewa, don bakin mutum ba ya zuwa gidan Kawu shi kaɗai. Amma akwai ranar da wani yaro ya amsa wa uwar abokinsa da "yana wajen fada". Nan ƙasar fada wurin zaman samari ne, ana shan shayi ana hira, kuma abin da yake nufi ke nan. Uwar da aka karanta mata faɗa ta ji, ta fito ba ko mayafi. A irin wannan wuri ba ƙugiyar kaɗai za ta cece ka ba, tunda mutane sun saba ganin ana barin ta, ko ka rubuta daidai suna iya zato ka manta ne. Sai ka canza maganar: yana wurin shan shayi. Haka rabon kalma. "Saida" na iya zama sai da, na iya zama sayarwa. In maganar akuya ce ko buhun gero, tsaya ka raba.

Akwai wuri ɗaya da nake gyara ko da ba wanda zai rikice, shi ne sanarwar rasuwa. Sunan Allah da sunan mamaci da addu'a cikakku nake rubuta su. "Allh yjkn rai" ana gane ta, amma iyalan da ke zaman makoki in suka gani sai su ji kamar an yi musu gaisuwa a guje. Wannan gyaran ladabi ne, kuma ya isa dalili.

Abu na ƙarshe da na koya, a ina ake gyaran. Na taɓa yi wa wata yayarmu gyara a cikin zaure, gaban kowa, don ta rubuta "in cha Allah". Matar da yaƙi da jahilci ta yi tana da ƴaƴa biyar, da ƙyar ta samu ƙarfin halin fara rubutu a waya. Daga ranar ta koma saƙon murya, wata bakwai ba ta sake rubuta harafi ba. Sai da na je har gida na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, rashin hankalina ne." Ta yi dariya ta ce ai ta ɗauka jarrabawa ake yi a wurin. Yanzu in har gyaran ya zama dole, ba na cewa an yi kuskure. Tambaya nake yi: "Jika biyu da rabi ko dala ɗari?" Mai saƙon ya amsa da kansa, kowa ya gani, ba wanda ya ji kunya.

Jiya ƙanena ya sake turo wata sanarwa, ta suna. Ta fara da "slm yaya ykk" kamar kullum, "zasuzo" na nan a manne. Amma ya rubuta Asabar da safe, ya rubuta jika ɗaya ya bi ta da 1.000. Na saka ta yadda take, ban taɓa ko harafi ba. Allah ya raya abin da aka samu.