Ranar da taswira ta ƙare a wayata a hanyar Shinkafi

1/ Duk wanda zai bi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko Zurmi, don Allah ya karanta zaren nan kafin ya shiga mota. Sau biyu na yi tafiyar da taswira a waya. Ta farko ta ba ni kunya, ta biyu ta fitar da mu daga damuwa. Bambancinsu bai wuce aikin minti biyar ba.

2/ Tafiyar farko, hutun makaranta ne zan je wurin kawuna a Shinkafi. Daren tafiya na buɗe Google Maps, na rubuta Kaura Namoda, na sauke taswirar da ya nuna min. Na kwanta ina jin na gama shiri, har ina yi wa ƙanwata burga.

3/ Muna barin Ƙaura data ta fara wasa, daga 4G ta koma E, daga nan shiru. Ban damu ba. Can na duba sai ga ɗigon nan shuɗi yana tafiya a fili fetal, babu titi babu sunan gari. Ashe akwatin da na sauke garin Ƙaura da kewayensa kawai ya ɗauka.

4/ A nan na gane abu guda. Ɗigon da taswirar ba tushensu ɗaya ba. Ɗigon daga GPS yake, wato wayar tana sauraron taurarin ɗan'adam kai tsaye, ba ruwanta da data. Amma tituna da sunayen garuruwa ta intanet suke zuwa. In ba ka ajiye su ba, wayar ta san inda kake, sai dai ba ta da takardar da za ta nuna maka.

5/ Ga yadda ake yi daidai. Buɗe Google Maps, taɓa hotonka a sama ta dama, shiga Offline maps, sannan Select your own map. Akwati zai fito. Matse taswirar da yatsu biyu har duk tafiyarka ta shiga ciki, sai ka danna Download. Yana nuna girman fayil tun kafin ka danna.

6/ A yankinmu sai an kula, domin hanya rabuwa take daga Ƙaura. Ɗaya ta yi arewa ta Moriki zuwa Shinkafi, ta wuce Isa. Ɗaya ta yi arewa maso gabas zuwa Zurmi, ta nufi Jibiya. Ka tabbata ka ga Gusau a ƙasan akwatin, Shinkafi a sama, Zurmi a dama, kuma ka bar sarari a kowane gefe. In bai ɗauke ba, sauke biyu masu haɗe baki.

7/ Ka yi wannan a Gusau, ko duk inda netwok ke da ƙarfi, kwana ɗaya kafin tafiya. Kada ka bari sai a tashar Ƙaura direba na ɗaure kaya. In ka ga ta tsaya ba ta sauka, leƙa saitin Offline maps, sau da yawa an saita ta ne sai da Wi-Fi kawai.

8/ Gwajin da na tsallake a karon farko: kunna Airplane mode, bar Location a kunne, rufe manhajar ka sake buɗewa. Nemi Shinkafi, zuƙo har ka ga layukan cikin gari, ka ce ta ba ka hanya daga Ƙaura. In ta zana, ka shirya. In ka ga dishi-dishi, akwatinka bai kai can ba.

9/ Tafiya ta biyu, rasuwa aka yi mana. Mun bar Ƙaura bayan azahar, mu bakwai a mota, har da wata baiwar Allah mai goyo. Mun wuce Moriki da ɗan nisa sai inji ya ɗau zafi, direba ya gangara gefe. Fambel ya tsinke. La'asar ta yi, kuma duk ɗan yankin ya san ba wurin da ake son magariba ta riski mutum ba ne.

10/ Na kira Kawu, murya na yankewa. Abin da na iya ji kawai: "Kuna ina?" Wallahi da baki ba ni da amsa. Gona ce da itatuwa ta ko'ina. Direba ya faɗi sunan wani ƙauye, wani fasinja ya ce a'a mun wuce shi tuni, suka hau gardama.

11/ Na fita daga motar na ɗaga wayar a sarari. Ɗigon ya ɗan jima yana yawo da faffaɗan da'ira kafin ya natsu, haka yake yi in babu data, haƙuri ake. Da ya tsaya na nemi hanya zuwa Shinkafi, ta nuna saura kilomita 14.

12/ Sai na danne yatsa a kan inda muke har jan fil ya fito da lambobi biyu. A yankin nan na farko yana farawa da 12 ko 13, na biyu da 6. Na kwafe su na tura wa ɗan Kawu ta tes, na ƙara da "kilomita 14 kafin gari, a kan titi". Tura wuri ta WhatsApp na buƙatar data, tes kuwa sanda ɗaya ta sabis kan ishe shi.

13/ Kafin awa ɗaya sai ga shi a babur da bakanike da sabon fambel. Mun shiga Shinkafi ana kiran magariba. Mai goyon nan ba ta ce uffan ba duk zaman, sai da muka ga gidajen gari ta fashe da kuka.

14/ Amma kada in yi muku ƙarya, taswirar tana da iyaka. Wadda aka sauke hanyar mota kawai take bayarwa, babu ta ƙafa, babu hoton sama, babu labarin abin da ke faruwa a hanya. Ƙananan ƙauyuka da yawa ba su ciki, wasu an rubuta sunansu a karkace. Shi ya sa nake ƙarawa da Organic Maps, ita tana ba da hanyar ƙafa ba data.

15/ Mafi muhimmanci, kada ta ja ka ratse. Akwai siririn layi da na nuna wa direban na ce ya fi kusa. Ya ce min: "Ɗan makaranta, wayarka ta san hanya, amma ba ta san wa ka kwana bisa hanyar ba." Wace hanya za a bi yau da ƙarfe nawa, a tasha ake tambaya, wurin direbobi.

16/ Wanda ya zauna Zamfara a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar saboda tsaro, ya san sabis kan ɗauke gaba ɗaya. A irin ranar tes ma ba zai fita ba, ɗigon ne kawai zai rage maka. Don haka ka faɗa wa na gida motar da ka shiga da lokacin da ya kamata ka isa.

17/ Sauran biyu. Taswirar tana da ranar ƙarewa, a rubuce take ƙarƙashin sunanta, ka duba ka danna Update kafin kowace tafiya. Sannan neman sabis da GPS suna shan batir sosai, ka rage hasken sikirin, ka cika fawa bank.

18/ Jibi zan je Zurmi in sha Allah, yanzu na gama gwada tawa. Wanda ya bi hanyar a satin nan ya faɗa min yadda take ta DM, ba a fili ba. Allah ya tsare hanya, ya ba mu zaman lafiya.