Ku Ɗaga Takardar Kuɗi a Haske

Yau zan ba ku labarin wata kunya da na sha a nan Mashi, don kada irinta ta sami waninku.

Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ran nan da magariba yarinyata ta komo daga talla ta zube mini ciniki, ban ko duba ba na ƙulle a bakin zane. Kashegari na tafi kantin unguwarmu sayen sabulu, na miƙa takardar naira 500. Mai kantin ya murza ta, ya ɗaga ta wajen ƙofa, ya ce, "Baba, wannan jabu ce." Ga mutane tsaye! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma yaron mai ladabi ne. Ya ba ni kujera, ya fito da wayarsa. Ashe duk jabun da ya faɗo hannunsa sai ya ajiye shi gefen na gaske ya ɗauki hotonsu, don ya koya wa yaran kantinsa. Ga abin da ya nuna mini.

Hoto na fari, takardun biyu suna kwance bisa tebur. Wallahi ban iya rarrabe su ba. Launi ɗaya, fuskar Dokta Nnamdi Azikiwe ɗaya. Ya ce, "To, kin gani, Baba, launi ba shaida ba ne."

Hoto na biyu ya ɗauke shi ne haske yana bayan takardun. Kun san zaren nan mai ƙyalli da ya ratsa takardar daga sama zuwa ƙasa? In tana kwance sai ku gan shi guntu-guntu, domin a cikin jikin takardar aka saƙa shi, yana leƙowa yana nutsewa kamar ɗinkin hannu. Da an ɗaga ta a haske sai guntayen su haɗe, su zama layi guda mai duhu, da ƙananan haruffan CBN a jikinsa. A ta jabun kuwa guntayen ba su haɗe ba, gama fenti ne aka ɗiga a sama kawai.

Cikin wannan hoto kuma ya nuna mini farin filin da ba a yi wa zane ba. A ta gaske, fuskar Azikiwe ta sake bayyana a wurin kamar inuwa. Wannan ba tawada ba ce. Tun ana yin takardar aka sa wani wuri kauri, wani wuri sirara, shi ya sa ba ta fitowa sosai sai haske ya ratsa. Ta jabun an shafa ta ne da tawada mai toka-toka, tana nan ɓaro-ɓaro ko ba a ɗaga ba, da aka ɗaga kuwa sai ta zama dabbare.

Alama ta uku hoto bai iya nuna ta da kyau. Sai ya ce in rufe ido in shafa. Takardar gaske da auduga a ke yin ta, kuma da ƙarfi injin ya ke danna tawadar, har ta tashi bisa takardar. Na bi sunan Babban Bankin Nijeriya da rigar mutumin da farcena, na ji kaushi kamar bayan faifai. Tawa kuwa sumul, sai ka ce takardar littafin makaranta.

Sai dai ku lura da abu biyu. Takardar gaske in ta tsufa ta sha hannu, kaushin yakan lafa, saboda haka kada ku ƙaryata mutum da shafa kaɗai. Ku ɗaga a haske tukuna. Sa'an nan naira 5 da 10 da 20 da 50 na leda ne, kada ku nemi zare a jikinsu. Taga ce gare su wadda a ke hangen waje ta cikinta. Amma naira 200 da 500 da 1,000, da tsofaffin da waɗanda aka sauya wa launi a 2022, duk haske da yatsa za su gaya muku gaskiyarsu.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta raya mini in ba yarinya takardar ta kai wa mai itace da dare. Na tuna ita ma mace ce mai marayu, kuma wanda ya kashe jabu yana sane, doka ba ta ƙyale shi ba. Na haƙura da hasarar, na sa alƙalami na ja mata layi, na ajiye ta don koyarwa.

Ku 'yan makaranta, ku ne idon iyayenku. In ciniki ya shigo da magariba, ku kunna cocila ku haska kowace takarda daga baya kafin a ƙulle ta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.