Saƙon godiya ga juri bayan ganawar ƙarshe

A porje-porje da kamfanoni na Yamai, aikin tekinisiyan ko injiniya ba a cika ba da shi da ganawa guda ba. Ka aje dosiye, a kira ka wata ganawa ta farko, sannan in ka tsallake a zaunar da kai gaban juri, mutum uku ko huɗu, su yi ta jefo maka tambayoyin ainihin sana'ar. In an tashi daga wannan zama na ƙarshe, yawancin yaranmu gida suke komawa su zuba wa talho ido. To akwai abu guda da ya saura a hannun mai neman aiki, shi ne ɗan gajeren mel na godiya.

Na san abin da wasu za su ce: ai wannan kamun ƙafa ne. A wurinmu godiya kafin a ba ka abu tana kama da roƙo, shi ya sa mutum mai kunya yake gudunta. Ni a ganina bambancin yana cikin abin da ka rubuta. In ka cika mel da yabon shugaban juri, kana faɗin yawan bakin da kake ciyarwa a gida, roƙo ne, kuma suna gane shi tun layin farko. In kuwa ka ɗauko magana guda ta aiki daga cikin zaman ka ƙarasa ta, abokin sana'a ne yake rubuta wa abokan sana'a.

Ga misali daga gidanmu. Wani ƙanena ya nemi aikin kula da rezo na ordinatoci a wata ƙungiya a Yamai. Ran Alhamis da hantsi ya zauna gaban mutum uku: madam mai kula da ɗaukar ma'aikata, shugaban sashen ordinatoci, da wani daga sashen kuɗi. Shugaban sashen ya ce masa, a ce biro yana da ordinatoci 60, injin buga takarda 2, da rutar guda mai raba intanet, na'ura 63 ke nan, kowace tana son adireshinta. Shin rezo mai /26 zai ɗauke su? Ƙanena ya yi lissafi da ka, ya ce /26 yana ba da adireshi 64, don haka ya isa. Mutumin bai ce komi ba, ya dai rubuta wani abu a takardarsa, aka wuce tambaya ta gaba.

Sai a cikin taksi abin ya faɗo masa. Ga wanda ba sana'arsa ba ce, ku ɗauki adireshin nan kamar lambobin gidaje a unguwa. Cikin 64 ɗin, lamba ta farko sunan unguwar ce ita kanta, ta ƙarshe kuma ta shela ce, wadda ake aika saƙo da ita ga kowa a lokaci guda. Biyun nan ba a ba wa kowace na'ura su. Lissafin haka yake:

```
/26 : 2^6 - 2 = 62
/25 : 2^7 - 2 = 126
```

62 ba ta ɗaukar 63. Tarkon tambayar ke nan, na'ura guda tak.

Ya zo gida ransa a ɓace, yana cewa shi ke nan, ya sha ƙasa. Na ce masa, ƙane, zauna ka rubuta musu yau ɗin nan. Da farko shafi guda cur ya rubuta, har da ba da haƙuri sau uku da labarin bai yi barci ba daren jiya. Muka yi ta yanka har abin ya dawo jimloli shida. Da Faransanci ya tura, tunda da shi aka yi ganawar, amma ga ma'anarsa da Hausa:

"Madam, Malamai, na gode da lokacin da kuka ba ni yau da safe a ganawar aikin tekinisiyan rezo. Ina so in koma kan tambayar na'urori 63. Na ce /26 ya isa, alhali adireshi 62 kawai yake bari a yi aiki da su. Abin da ya dace shi ne /25, mai ba da 126, wanda zai bar wuri ko an ƙaro ordinatoci. Bayanin da kuka yi kan haɗa birorinku na cikin jihohi da na Yamai ya ƙara mini sha'awar aikin. Ina nan a shirye in akwai abin da kuke buƙata."

Ku lura, kuskure guda ya gyara, kuma bai kawo hujja ba. Gyara guda yana nuna mutumin da yake komawa ya duba aikinsa, kuma irinsa ake so a bar wa rezo. Gyara uku ko huɗu kuwa sake jarrabawa ne a gida, da littafi a buɗe, kuma kana tuna musu da kurakuran da wataƙila sun manta. In ba ka yi kuskure ba, kar ka ƙirƙiro shi. Ɗauko wata matsala da su da kansu suka ambata, ko ɗaukewar kuran ce ko raunin intanet a wani biro, ka faɗi a jimla guda yadda za ka fara tunkarar ta.

Batun lokaci shi ma da nauyi. A wurare da dama kowane ɗan juri yana ba da maki a takardarsa tun a zauren, su haɗa a ranar ko washegari. Saboda haka cikin awa 24 ake turawa. Ganawar Alhamis kar ka bar ta sai Jumma'a da yamma, domin biro da yawa rabin yini suke yi ran Jumma'a, saƙonka sai ya kwana har Litinin. Kuma mu faɗi gaskiya: in an riga an sa hannu a takardar maki, mel ba ya canza lamba. Inda yake aiki shi ne lokacin da mutum biyu suka zo kai da kai, juri na shawarar wa za a ɗauka.

Wa za a tura wa? Koma kan mel ɗin da aka gayyace ka da shi, ka danna Répondre à tous in ƴan juri suna cikin Cc. In ba sa ciki, amsa wa wanda ya gayyace ka, ka roƙe shi ya isar wa sauran. A layin Objet ka tabbata sunan aikin da sunanka sun fito, don mutanen nan sun ga ƴan takara da yawa. Kar ka je neman lambar talhon shugaban juri wurin wani ɗan uwa da ke aiki can, balle ka aika masa saƙon murya ta WhatsApp da dare. Kwankur na aikin gwamnati kuwa, wanda ake rubutawa a fitar da sakamako da jeri, wannan maganar ba ta shafe shi ba, can ba a rubuta wa masu gyara.

Ƙanena ya tura nasa ƙarfe huɗu na yamma a ranar. Washegari madam ɗin ta amsa da layi guda, cewa sun samu, za su sanar da sakamako cikin sati biyu. Irin wannan amsa ba ta nufin e, ba ta nufin a'a, kuma ba a sake amsa ta da wata godiya. In sati biyun ya cika ba labari, ka ƙara kwana biyu ko uku, sannan ka rubuta layi biyu a kan wannan mel ɗin dai, kana tambayar inda aka kwana.