Guntun Gatari a Zamanin Salula

Duk lokacin da aka tashi yi wa samarinmu faɗa a kan zaman da suke yi da salula, nasihar guda ce: ku daina gwada kanku da wasu, ku yi wadar zuci. Sai a ɗora karin magana a kai, kamar yadda ake aza dutse bisa rufin rumbu don kada iska ta yaye shi. Ni da na tashi a Tawa, kuma nake da ƙannai biyu masu raba dare a TikTok da WhatsApp, na daɗe da lura cewa dutsen nan ba ya riƙe rufin. Dalili kuwa, a ganina, muna fahimtar karin maganar a baibai ne. Yawancinsu ba su hana gwadawa ba. Da gwadawar ma aka gina su.

A dubi waɗanda aka fi ja a wannan fage: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, da babu gara ba daɗi, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kowace a cikinsu ma'auni ce mai kai biyu. Hausa tana kwatanta fifiko da aikatau "fi", wanda a bakin mutanen Adar yake fitowa "hi", kamar yadda "tafi" take zama "tahi". Mai son bin diddigin irin waɗannan sauye-sauye zai same su a littafin da Bernard Caron ya fitar kan Hausar Adar a 1991. A zance na yau da kullum, "fi" tana tafiya da abin da aka yi fifikon a kansa: wane ya fi wane tsawo, gonar nan ta fi waccan albarka. Amma karin magana sai ta yar da wannan kalma ta ƙarshe. Ba ta ce ƙwai ya fi kaza nama ba, don ƙarya ce. Ba ta ce ya fi ta tsada ba, don ko yaro ba zai yarda ba. Ta bar gurbin a buɗe, mai sauraro ya cike da kansa, kuma ba zai iya cikewa ba sai ya sake ma'auni: ƙwai ya fi kaza tabbas.

Salula kuwa akasin haka take yi. Ita ta riga ta cike gurbin da lamba. A ƙarƙashin kowane hoto an rubuta mutum nawa suka gani, nawa suka so, nawa ke bin mai shi. Yarinya ƴar shekara goma sha biyar ba ta bukatar tambayar kanta da me wance ta fi ta, an ba ta amsa tun kafin ta tambaya. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya nuna cewa idan mutum ya rasa tsayayyen ma'aunin da zai auna kansa, da mutane yake aunawa. Wannan ba sabon labari ba ne ga wanda ya taɓa zama a gidan kishiyoyi. Sabon abu shi ne yawan waɗanda ake aunawa da su, da kuma cewa ba a ganin komai nasu sai abin da suka zaɓa su nuna.

Karin maganar gatari ita ce ta fi cancantar a zauna a kanta, domin akwai mutum biyu a cikinta, kuma wakilin suna yana sauya hannu a tsakiyar jimla. A "gatarinka", wanda ake nufi da "ka" shi ne mai sauraro. A "sari ka ba ni" kuwa, "ka" ta koma kan wani mutum dabam, mai babban gatari, shi kuma mai sauraro ya zama "ni". Wato an ɗauki jimlar umarni sukutum, an ajiye ta a mazaunin suna, an sa ta a bakin wanda ake yi wa nasihar. Kafin ya ankara ya ji muryarsa tana roƙo. Saboda haka abin da aka ɗora a ma'auni ba gatari da gatari ba ne. Gatari ne a kai ɗaya, a ɗaya kan kuma tsayuwar mai jira: kana gefe, hannu a baya, wani yana sara, kana dakon ya gaji. Wanda ya taɓa zuwa sharar gona gabanin damina a kan tuddan duwatsun Keita ko Tamaske ya san abin da wannan jira yake ci, domin ruwan farko ba ya jiran wanda bai gama shara ba.

Na gwada wannan fassara a kan ƙanena, ɗan shekara goma sha shida, a shekarar da zai yi jarrabawar ƙarshen kwaleji. Wani abokinsa da suka yi aji ɗaya ya bar karatu ya tafi biɗa Abijan, kuma kusan kullum sai ya sa hoto: yau jingine da farar mota, gobe cikin shagon da kaya suka kai rufi. Ƙanena ya fara maganar cewa boko ɓata lokaci ne. Tsohuwarmu ta ce masa zanen aro ba ya rufe katara, ya yi shiru irin na ladabi, wanda kowa ya san ba na yarda ba ne. Da muka keɓe a fada bayan shayi na biyu, na ja masa ta gatari. Ya ce, "Yaya, to ni ina gatarin nawa? Shi ko motar aro ce, ai ya taɓa ta."

Amsar nan ta fi nasihata kaifi, kuma ita ta nuna mini iyakar karin maganar. Tana aiki ne kawai idan akwai wani abu a hannu, komai gajartarsa, wanda yake sara. Ba a yi ta don mai hannu wofi ba. Don haka na bar batun wadar zuci, muka shiga lissafi. Na ce ya faɗa mini abin da ya sani tabbas game da abokin nan, ban da hoto. Ya san yana kwana ɗaki guda da mutanen garinmu da yawa, domin shi abokin ya taɓa faɗa masa cikin saƙon murya. Ya san bai aiko wa uwarsa ko jika ɗaya ba tun tafiyarsa. Bai san mai motar ba. Sannan na ce ya lissafa nasa: wata biyar suka rage masa ya zauna jarrabawa, yana gyaran salular unguwa ana ba shi na goro, yana cin tuwon gidansu ba da bashi ba. Ban ce masa nasa ya fi ba. Na bar gurbin yadda karin magana take barinsa. Ya zauna jarrabawar. Ko zai tafi daga baya, wannan shi da Allah, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Na faɗi haka ne don akwai wani munafunci da ya kamata mu Adarawa mu kauce masa. Ƙasarmu ƙasar biɗa ce. Da an gama girbi ƙauyukan Kalfu da Barmu da Bambai sukan koma na mata da tsofaffi da yara, maza sun nufi Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya. Gidajen siminti da yawa a Tawa da kuɗin can aka gina su, haka ma buhunan hatsin da ake saye idan damina ta yi gardama. Uban da ya yi shekara ashirin yana wannan zirga-zirga, in ya ce wa ɗansa kwaɗayi mabuɗin wahala, ɗan yana da ikon tambaya a ransa ko yunwa ce ta fitar da uban ko kwaɗayi. Kuma gwadawa ba salula ta kawo ta ba. A da ma ɗan biɗa yakan dawo da rediyo da agogo da sabuwar shadda, ya ratsa kasuwar Lahadi ana kallonsa. Bambancin shi ne wancan yana dawowa da jikinsa: ana ganin ramarsa, ana jin tarinsa da dare, bayan wata biyu a ga ya kai rediyon kasuwa. Hoto ba ya rama. Shi ya sa nake ganin "hangen Dala ba shiga birni ba" ta fi dacewa da yaran yanzu fiye da fataken da aka yi ta dominsu. Bafatake yana hango dutsen Kano daga nesa, amma ƙafarsa tana gaya masa sauran tafiyar. Mai salula yana hangen Dala daga kan tabarmarsa, babu gajiyar da za ta auna masa nisa.

Akwai kuma wadda nake ɗari-ɗari da ita: mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Ana jan ta kamar magani, a ce wa yaro ya dubi na ƙasa da shi. Amma in aka saurari ginin jimlar, da "ba ya" da "sai", za a ji zargi ne take yi: tana kushe mutumin da godiyarsa ba ta tashi sai da masifar wani. Yarinyar da aka koya wa samun sanyi ta wannan hanya za ta koma salular nan dai, ta riƙa neman wadda aurenta ya mutu ko wadda aka yi wa dariya a bidiyo.

Abu na ƙarshe da na lura da shi ya shafi wanda ke faɗin karin maganar da wanda ake faɗa wa. Matasanmu ba su yar da karin magana ba, suna rubuta ta kullum a ƙarƙashin hotunansu. Wadda ta fi yawo ita ce "hassada ga mai rabo taki ce". A bakin kaka, tana faɗa wa jikar da ta shigo da kuka saboda an yi da ita, wannan lallashi ne: mai faɗa dabam, mai rabo dabam, kuma a ɗaka aka yi. Amma idan ƙanwata ta sa sabon leshi ta rubuta ta da hannunta, ta aika wa mutum ɗari biyu, to ita ce mai faɗa, ita ce mai rabo, duk wanda ya karanta kuma an ba shi kujerar mahassadi. Kalma ko ɗaya ba ta sauya ba, amma lallashi ya koma habaici. Da na nuna mata haka ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai da mutum ɗaya nake." Na tambaye ta sauran ɗari da casa'in da taran fa, ciki har da ƙawarta da ba a yi wa ɗinkin Salla ba bana. Ta ce wannan ba ta shiga lissafinta ba, ta ɗauki salular tana duba ko ƙawar ta riga ta gani.