Wasiƙar Neman Izinin Bincike a Makarantun Hausawan Sudan

Ɗalibin da ke son nazarin yadda yaran Maiwurno ke cuɗanya Hausa da Larabci a aji yakan fara tuntuɓe tun daga adireshi. Garin yana bakin Shuɗin Nilu, shi ya sa ake zaton wasiƙar Damazin za ta nufa, hedikwatar Jihar Shuɗin Nilu. Alhali kuwa Maiwurno, wanda Muhammadu Bello Maiwurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, a Jihar Sinnar yake, kuma hedikwatarta Sinja ce. Ƙauyukan Jihar Jazira kuwa Wad Madani ke riƙe da su. Izinin wata jiha ba ya aiki a wata, don haka mai ziyartar jihohin uku wasiƙa uku zai rubuta.

Da Larabci ake rubuta ta, zuwa ga babban daraktan ma'aikatar ilimi ta jihar, tare da takardar gabatarwa daga jami'ar mai binciken. Bayan bisimilla da sallama, sai a tafi kai tsaye ga buƙata. A Hausance, jigonta zai iya zama haka: "Ina neman izinin ziyartar makarantun firamare biyu a Maiwurno na tsawon mako uku, domin sauraron darasin Larabci da tattaunawa da malamai shida, ba tare da katse karatu ba." Jami'in da ya karanta wannan ya san abin da zai sa wa hannu. In kuma da niyyar naɗar muryoyin yara, dole a faɗa tun a nan, domin shugaban makaranta yana da hujjar hana duk abin da ba ya cikin takarda.

Wurin da ya fi bukatar hattara shi ne sunan da za a kira yaran da shi. Baƙo daga Kano yana iya rubuta "'yan Nijeriya mazauna Sudan" da kyakkyawar niyya, bai san ya taɓo gyambo ba. Kakannin yaran nan a ƙasar aka haife su, kuma an daɗe ana yi musu gorin asali. Rikicin Yulin 2022 a Jihar Shuɗin Nilu, wanda ya ci rayuka da dama, yana da alaƙa da batun ƙasa da sarautar Hausawan yankin. Kalmar "Fallata" ma, da ake game Hausa da Fulani da Barebari a cikinta, wasu na jin ta a matsayin raini. "Ɗalibai 'yan Sudan masu jin Hausa a gida" ya wadatar, kuma shi ne gaskiya.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa ofisoshi da makarantu da yawa a Jazira da Sinnar. Kafin a rubuta sunan makaranta a wasiƙa, sai an tabbatar tana buɗe.