Sau Nawa Yake Juyawa?

A gidan hayar da muke zaune a Harobanda ɗaki biyar ne, kontar ɗin ruwa ɗaya. Idan takardar kuɗin ruwa ta zo, gida biyar ake raba ta, saboda haka duk ɗigon da ya faɗi na kowa ne. Robinen da ya kama ɗiga kuwa na banɗakin da ke jikin ɗakinmu ne, ni da ƙawata. Wani dare na tara masa gorar lita ɗaya da rabi bayan isha'i, kafin asuba ta cika har tana tumbatsa. Matar maƙwabcinmu ba ta ce mini komai ba. Ta dai riƙa tsayawa bakin ƙofar banɗakin tana sauraro, sannan ta gaishe ni da kyau. Wannan gaisuwar ta fi faɗa ciwo.

Ni kuwa na ɗauka na san maganin. A gidanmu a Tasawa, in fanfon tsakar gida ya fara ɗiga, babanmu rufe ruwa yake, ya kwance kan, ya yanko ƴar roba daga tsohuwar shambur ɗin babur ya sa, magana ta ƙare. Don haka na tafi shagon kayan fanfo na ce a ba ni juwan. Mai shagon bai tambaye ni komai ba, ya miƙo mini baƙar roba mai fuska kamar kwabo, na biya dala ashirin. (Mu masu karatun harshe ya kamata wata rana mu zauna a kan wannan kalma ta juwan da muka aro daga Faransanci. Duk robar da ke tare ruwa juwan ce a bakinmu, ko wace iri, ko ina take zama. A nan kuskurena ya fara.)

Na aro kile da turnabis, na rufe ruwa daga kontar, na ɓamɓare ƴar murfin da ke saman hannun robinen, na kwance bis, na zare hannun, na murɗe kan ya fito. Sai na tsaya riƙe da wani gajeren ƙarfe mai taga a gefe, da wani farin abu a cikin tagar. Babu inda robata za ta zauna.

Haka na naɗe shi a leda na kai wa wani dattijo mai gyaran fanfo da ke zama ƙarƙashin bedi a bakin layinmu. Bai ma buɗe ledar ba ya ce:

"Ɗiyata, in za ki rufe shi, sau nawa yake juyawa?"

"Baba, ban taɓa ƙirgawa ba. Kaɗan dai nake murɗawa ya tsaya."

"Ya tsaya cak, ko ya tsaya da taushi?"

"Cak."

"To mi ya kai ki sayen roba?"

Abin da ya koya mini a zaman nan shi ne dalilin rubutun nan, don na san rabinmu a gidajen haya muke. Robine iri biyu ne a ciki, ko da a waje sun yi kama. Na dā, irin na gidanmu, sai an juya shi sau biyu, sau uku ko fiye kafin ya rufe. A cikinsa akwai sanda mai zare da ke sauka a hankali, a ƙarshenta roba, robar ce ke danne bakin ramin da ruwa ke fitowa. Shi ya sa ƙarshen rufewarsa yake da taushi, kamar kana matsa abu mai rai. In robar ta tsufa, alamarta ɗaya ce da kowa ya sani: jiya ka rufe da yatsa biyu, yau sai da hannu duka, kuma in ka ƙara matsewa ɗigon ya ragu ko ya tsaya na ɗan lokaci. Muddin matsewa tana canja yawan ɗigon, zancen roba ne.

Na zamani kuwa rubu'in juyi yake yi, wani rabi, ya tsaya cak. Ba abin da ke sauka ko hawa a ciki. Faifai biyu ne na seramik, masu santsi ƙwarai, ɗaya kwance a kan ɗaya, kowanne da rami. In ramukan sun haɗu ruwa ya wuce, in ka juya suka saɓa ruwa ya tsaya. Santsin nan shi ne ke tare ruwa. Saboda haka ko ka hau kansa da ƙarfinka duka, ɗigon ba zai ragu ba, sai dai ka lalata haƙoran hannun. Ni da ƙawata mun yi sati biyu muna wannan aikin banza, kowace tana zargin ƴar'uwarta da rashin rufewa da kyau.

Sai Baba ya ɗauko kartush ɗin nawa, ya juya shi ya rufe, ya ɗauraye, ya sa baki ta ƙasa ya hura. Na ji iska tana fita siririya ta tagar. Ya ce lafiyayye in an rufe shi, kumatunka ne za su cika, iska ba ta wucewa. Ya ciro robar gindinsa, faifan suka faɗo a tafin hannunsa, ya karkata ɗaya ga rana: ga wani ɗan zane kamar gashi ya ratsa fuskar. Rairayi ne, in ji shi. Duk sa'ad da aka yanke ruwa aka maido, yakan taho da ƙasa da tsatsar tiyo, ƙwaya ɗaya in ta shiga tsakanin faifan sai ta karce su. Karcen ba ya gyaruwa, sai sabon kartush. Amma ya ce kafin a yanke hukunci a dubi robar gindin nan, don wani lokaci ita ce ta lotse faifan kuma lafiya lau, wani lokaci kuma farin gishirin ruwa ne ya daskare a kai, a jiƙa a binegar ya fita.

Game da na dā ma ya ƙara mini abu guda da babanmu bai taɓa faɗi ba. In ka cire tsohuwar roba, sa ɗan yatsa cikin jikin robinen ka shafa bakin ramin da take zama a kai. In farcenka ya maƙale a wani tsagi, ruwa ya riga ya ci ƙarfen, sabuwar roba ba za ta daɗe ba za ta koma ɗiga. Sai an goge bakin da abin gogewa na masu gyara, ko a sake robinen. Na tuna yadda a gida ake canja roba kusan kowane wata, na yi shiru.

Washegari na koma shagon, wannan karon da tsohon kartush a hannu, kamar yadda ya umarce ni. Da ban tafi da shi ba da na sake asara. Na farkon da aka ba ni faɗin zarensa daidai ne, 15/21, irin wanda suke kira rabin inci, amma sandarsa ta fi tsawo. Na biyu tsawonsa ya yi, sai na ƙirga haƙoran da hannu ke kamawa: nawa 20, shi 24. Na uku ya dace, na kuma juya shi na tabbatar gefen da yake buɗewa ɗaya ne da na tsohon, don akwai mai buɗewa dama akwai mai buɗewa hagu. Jika biyu da rabi, kuɗin cefanenmu na kwana biyu.

Kafin na ɗaura, na ɗan buɗe ruwa daga kontar na ƴan daƙiƙu, ƙawata ta kife roƙo a kan ramin, ruwan ya wanko abin da ya kwanta a tiyo. Da muka duba kwamin wanke hannu, akwai jan rairayi kamar rabin cokalin shayi. Na ɗaura, na matse da kile ba da mugunta ba, na buɗe na rufe. Ya ɗiga sau huɗu, gabana ya faɗi, sai ya tsaya. Ragowar ruwan da ke cikin bakinsa ne.

Daren nan na sake tara gorar, da asuba na same ta a bushe. Robar dala ashirin kuwa na ba matar maƙwabcinmu, don fanfon tsakar gida mai juyi uku ne, kuma na lura ta fara rufe shi da hannu biyu.