Dattin Kunne da Tsinken Auduga

Daga cikin kalmomin da na koya tun muna aji ɗaya akwai “dattin kunne”, wasu kuma su ce “dauɗar kunne”. Ni da ba a gida na tsotsi Hausa ba, ina da ɗabi'ar tsayawa in yi wa kalma kallon ƙurilla, kuma wannan sunan bai taɓa kwanta mini ba. Duk abin da aka kira datti, hankali zai ba mutum cewa a share shi. Shi kuwa wannan abu mai danƙo, jiki ne da kansa yake yin sa domin amfanin kunne: yana tare ƙura da ƙananan ƙwari, yana hana fatar ciki bushewa da ƙaiƙayi, yana kuma rage wa ƙwayoyin cuta sukunin yaɗuwa.

Ramin kunnen babban mutum bai wuce kimanin santimita 2.5 ba, daga baki zuwa dodon kunne. Idan aka kasa shi uku, a kashi ɗaya na bakin ƙofa kaɗai ake samar da dattin. Kashi biyu na ciki ƙashi ne da siririyar fata a kansa, ba a yin komai a wurin. Wani abin mamaki kuma, fatar ramin tana tafiya a hankali daga dodon kunne zuwa waje, kusan kamar yadda farce yake tsiro, tana ɗauke da dattin. Motsin muƙamuƙi wajen tauna da magana yana taimaka mata. Wato kunne yana da mai shararsa, kuma waje yake yo sharar.

To, a nan ne tsinken auduga yake ɓata lissafi. Kan audugar ya kusa cika faɗin ramin, saboda haka ba shi da hanyar da zai bi ta bayan dattin ya jawo shi. Abin da yake yi shi ne ya lakato ɗan kaɗan a jikinsa, sauran kuma ya danna shi ciki, kamar mai ɗura wa bindigar gargajiya albarushi. Mai sakace ya dubi audugar ya ga ta yi rawaya, ransa ya yi fari, alhali mafi yawan dattin ya koma can inda ramin ya ƙuntata, inda bai saba zama ba. Yau a danna, gobe a danna, sai ya dunƙule ya taurare ya toshe hanya.

Wannan ne ya sami abokin ɗakina a zangon karatun da ya wuce. Shi ma ɗan sashenmu ne, kuma mutum ne mai tsafta ƙwarai, ba ya fita daga wanka sai ya bi kunnuwansa biyu da tsinken auduga. Idan ya ƙare, murfin biro ko tsinken ashana ya wadatar. Ga shi kullum iyafis na toshe a kunnensa yana sauraren labarun Hausa, wanda shi ma yana tare wa dattin hanyar fita. Wata safiya ya fito daga wanka ya ce mini, “Mutumina, kunnena na dama ya ɗauke, kamar an cusa mini tsumma.” Ruwa ne ya shiga, dunƙulen ya sha ya kumbura, ya rufe 'yar kafar da ta rage.

Ga wani ɗalibi wannan ƙaramar damuwa ce. Ga mu kuwa da kunne ne jarinmu, babbar magana ce. Saura mako biyu mu yi gwajin shifta a darasin tsarin sauti, inda Malam zai faɗi kalma sau biyu kawai, kai kuma ka rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuwo ta tsawon wasali, ko kukan yaro da bishiyar kuka ta karin sauti. Abokina ya koma jin muryarsa tana amsa-kuwwa a cikin kansa, ta Malam kuma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Nan take ya ɗauko makulli zai ƙwaƙule, na riƙe masa hannu na ce, “Haba malam, kada garin neman gira a rasa ido.” Fatar ciki ba ta da kauri ko kaɗan. Abu mai tsini yana karce ta, ƙwayoyin cuta su shiga, kunne ya kumbura ya yi ruwa. Idan kuma wani ya bugi gwiwar hannunka kana cikin sakace, dodon kunne ne zai huje.

Muka tafi asibitin makaranta. Nas ta haska kunnen ta ce dunƙulen ya rufe ramin baki ɗaya, amma babu alamar ciwo. Kafin ta ba shi wata shawara sai da ta yi masa tambayoyi: ko kunnen yana zafi, ko yana zubar da ruwa ko mugunya, ko an taɓa ce masa dodon kunnensa ya huje, ko an taɓa yi masa tiyata a kunne. Duk ya ce a'a. Waɗannan tambayoyi su ne iyakar maganin gida. Wanda ya amsa ɗaya daga cikinsu da e, kada ya ɗiga komai sai likita ya duba, domin mai ko ruwa zai iya wucewa ta hujin ya shiga tsakiyar kunne.

Abin da ta sa shi ya yi ba shi da wuya, haƙuri kawai yake buƙata. Man zaitun mai tsafta, ɗigo 2 zuwa 3, sau 3 ko 4 a rana, na kwana 3 zuwa 5. Zai kwanta ta gefe, kunnen da ya toshe yana sama, a ja leɓatun kunnen sama da baya kaɗan don ramin ya miƙe, a ɗiga, ya ci gaba da kwanciya minti 5 zuwa 10. Idan ya tashi ya goge abin da ya gangaro da ƙyalle, ba tare da cusa auduga ba, don audugar shanye man za ta yi. Ba a ɗora man a wuta. A riƙe kwalbar a tafin hannu ta ɗan ɗauki ɗumin jiki ya isa, saboda abu mai sanyi ko mai zafi a cikin kunne yana kawo jiri, mai zafin kuma ga ƙuna. A kemis akwai magungunan ɗigawa da aka yi don wannan aiki, amma wasunsu sukan busar da fata ko su sa ta raɗaɗi.

Ni ne na zama mai ɗiga masa. A rana ta biyu ya tashi da fushi, wai jin nasa ya ƙara raguwa. Hakan yakan faru, domin dunƙulen yana kumbura kafin ya yi laushi, kuma a daidai wannan gaɓa ce mutane da yawa suke karaya su koma ga tsinke. A rana ta huɗu muka fara ganin ɓurɓushi baƙi-baƙi a kan matashinsa. Man ba ya narkar da dattin ya ɓace, laushi kawai yake sa shi, kunne ya ƙarasa aikin da kansa, wani lokaci har ya ɗauki mako biyu.

Nasa dai an daɗe ana danna shi, bai fita duka ba. Bayan mako ɗaya muka koma, aka wanke masa da ruwa mai ɗumin jiki, ana harba shi a bangon ramin don ya zagaya ta bayan dunƙulen ya turo shi waje. Yana ta tari ana cikin wankin, nas ta ce kada ya damu, akwai jijiyar da ta haɗa ramin kunne da maƙogwaro. Abin da ya faɗo cikin kwano ya kai girman ƙwayar wake. Ta kuma gargaɗe mu cewa idan ji ya ɗauke farat ɗaya, aka duba ba a ga datti ba, ko ya zo da jiri mai tsanani, wannan ba maganar man zaitun ba ce, a nemi likita a ranar.

Ya zauna gwajin shifta da kunnuwa biyu. Yanzu idan ya yi wanka, tawul yake naɗawa a ɗan yatsa ya goge iya inda yatsan ya kai, sauran tsinkayen audugar kuma da su yake share lungunan madannan kwamfutarsa.